Yayana ya rubuta cewa matarsa ta zauna a gida har mutuwarta, sannan ya koma ga 'ya'ya

Abu Sulaiman, Makka

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yayana ne ya kira ni bayan sallar Isha'i makon jiya, ya miƙa mini wata takarda da ya rubuta da hannunsa, ya ce yana so in sa hannu a matsayin shaida, kuma in zama wasiyyinsa idan ta Allah ta kasance. Shekarunsa 71, lafiyarsa ƙalau in ban da ciwon sukari da ya daɗe yana fama da shi. Yana da gida mai hawa biyu a nan Makka da sakki, wato takardar mallaka, a kan sunansa, su suna zaune a ƙasa, sama kuma yana hannun 'yan haya. Uwargidansa ta rasu da jimawa, ta bar masa maza biyu da mace ɗaya, duk sun yi aure. Matarsa ta yanzu shekarunta 46, tana da 'ya'ya mata biyu, babbar tana jami'a, ƙaramar kuma shekarunta 14. Iyayenmu duk sun rasu, kuma ban san yana da wata dukiya mai yawa ba bayan gidan.

Abin da takardar ta ce shi ne, idan ya rasu, matarsa za ta ci gaba da zama a gidan har ƙarshen rayuwarta, babu mai fitar da ita kuma babu mai sayar da shi, sannan bayan ranta gidan ya koma ga 'ya'yansa biyar. Ya ce wani abokinsa da ke zaune a Ingila ne ya nuna masa irin wannan tsari, domin shi ma haka lauya ya rubuta masa. Ban sa hannu ba tukuna, na ce ya ba ni kwana biyu. Ina neman wanda ya san abin ya gaya mini ko wannan takarda za ta tsaya a gaban alƙali.

Bashir, Riyad

Wa alaikumus salam Baba. A ganina ma babu buƙatar takarda, domin Alƙur'ani ya riga ya ba matar mamaci wannan haƙƙi. A cikin Suratul Baƙara aya ta 240 an ce kada a fitar da matan da mazansu suka rasu daga gidajensu. Duk ɗan da ya tashi korar matar ubansa, ayar kawai za a karanta masa.

Malam Haruna, Madina

Bashir, Allah ya yi maka albarka, amma ka koma ka karanta ayar zuwa ƙarshenta. Shekara guda ta ambata, ba ta ce har mutuwa ba, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa aya ta 234 da ayar gado sun shafe hukuncinta. Abin da ya rage wa matar shi ne zaman takaba na wata huɗu da kwana goma a gidan da mutuwar ta same ta, kamar yadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci Furai'a 'yar Malik, 'yar'uwar Abu Sa'id Alkhudri. Abu Sulaiman kuwa yana tambaya ne a kan abin da zai biyo bayan takaba, wanda zai iya kai shekara talatin ko fiye.

Alhaji Abu Sulaiman, ka kyauta da ba ka sa hannu ba. Abokin yayanka bai yi ƙarya ba, domin a Ingila mutum yana iya danƙa gida a hannun amintattu, matarsa ta mori zama a ciki muddin ranta, 'ya'ya kuma su jira. Amma can mutum ne yake tsara rabon dukiyarsa da alƙalaminsa. Gidan yayanka yana Makka, alƙalin Makka ne zai duba shi, kuma abu na farko da zai gani shi ne wasiyya ce aka yi wa magajiya. Hadisin Abu Umama da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ce Allah ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, saboda haka babu wasiyya ga magaji. Mutane suna zaton hanin ya tsaya a kan ba da kan gidan ne, alhali zama a gida kyauta shi ma dukiya ne, tunda abu ne da ake biyan kuɗi a kansa kowace shekara. Dokar iyali da aka fitar a ƙasar nan a 2022 ita ma a kan haka ta tafi: wasiyya ga magaji ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda bayan rasuwar, idan kuma wasu ne kawai suka yarda, sai ta zartu a cikin rabonsu su kaɗai.

Ka gaya mana kimar gidan da kuɗin hayarsa, domin ina zaton idan aka yi lissafi matsalar za ta fi yadda yayanka yake tsoro ƙanƙanta.

Usmanu, Gadarif

Allah ya gafarta Malam, ina da ja a nan. Ba ko'ina aka rufe wannan ƙofa ba. A nan Sudan an fitar wa alƙalai da umarni mai lamba 53 a shekarar 1945 wanda ya halatta wasiyya ga magaji, Masar kuma ta sa irin wannan a dokar wasiyyarta ta 1946. Waɗanda suka tsara waɗannan dokoki malaman shari'a ne, ba Turawa ba. Don haka ni ina ganin wasiyyar yayan Alhaji tana da madogara, kuma da a Gadarif ko Wad Madani gidan yake, da matar ta zauna abinta babu mai cewa uffan.

Malam Haruna, Madina

Malam Usmanu, tarihin da ka kawo daidai ne, amma ka bar rabinsa a baya. Umarnin 1945 da dokar Masar sun halatta wasiyya ga magaji ne a cikin sulusi kawai, wato iyakar da Annabi ya yanka wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas tana nan daram. Sai tambaya ta zama: yaya za a auna zaman da babu wanda ya san ranar ƙarewarsa? Dokar Masar ɗin da ka ambata, idan amfanin na tsawon rayuwar wanda aka yi wa wasiyya ne, kimar shi kansa gidan take ɗorawa a kan sikeli. To mutumin da gidan nan shi ne kusan dukan abin da ya mallaka, gidansa ba zai shiga cikin sulusin dukiyarsa ba ko ta wace hanya aka auna. Ko a inda aka buɗe ƙofar, da an koma neman yardar magada a kan abin da ya haura.

Abu Sulaiman, Makka

Na gode Malam. Wani dillali ya taɓa yi wa gidan kuɗi riyal 1,600,000. Saman ana biyan 32,000 a shekara, ƙasan ma da za a ba da shi haya kusan haka zai kawo. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ni da na ɗauka takardar tana fifita matar ce a kan 'ya'ya, sai matata da ta karanta ta ce ita a ganinta matar aka cuta. Ta yaya wanda aka ba gida ya zauna har mutuwa zai zama an cuce shi?

Malam Haruna, Madina

Hajiyarka ta ga abin da maza da yawa ba sa gani. Bari mu raba gidan a kan takarda kamar babu bashi kuma babu wata wasiyya. Matar tana da tumuni saboda akwai 'ya'ya, wato riyal 200,000. Ragowar 1,400,000 za a kasa bakwai, tunda maza biyu kaso huɗu ne, mata uku kaso uku. Kowane kaso 200,000 ke nan, sai kowane namiji ya tashi da 400,000, kowace mace da 200,000. Wannan mallaka tana sauka a kansu ne daga lokacin da ransa ya fita, ba sai an je kotu an karɓo takardar ƙididdige magada ba, ita takardar shaida ce kawai a kan abin da ya riga ya faru.

Yanzu ka sake karanta jimla ta biyu ta takardar, inda ya ce bayan ranta gidan ya koma ga 'ya'yansa biyar. Ina tumuninta ya shiga? Wannan 200,000 nata ne halak malak, tana iya sayarwa, tana iya kyautarwa, idan ta rasu kuma magadanta ne za su ci: 'ya'yanta mata biyu su ɗauki sulusi biyu, mahaifiyarta idan tana raye ta ɗauki sudusi, ragowar ya tafi ga 'yan'uwanta na jini. 'Ya'yan uwargida ba su da ko sisi a ciki, domin ba su gādon matar uba. Takardar ta karɓe mata mallaka tabbatacciya, ta musanya mata da izinin zama wanda kowane ɗa yake iya rushewa a cikin rabonsa. Jimla ta farko ta taɓa haƙƙin 'ya'ya, ta biyu ta taɓa nata da na danginta.

Akwai kuma wani abu da ba a so a faɗa amma dole a faɗa. Ban san shekarun babban ɗan ba, sai dai idan uban yana da 71, ba mamaki shi da matar uban nasa kusan sa'o'in juna ne. Cewa ya jira har ta rasu yana iya nufin ba zai taɓa ganin rabonsa da idonsa ba. Idan kuma ya riga ta, rubu'in gidan da ya mallaka ya zama gādon matarsa da 'ya'yansa, sai a wayi gari mutanen da za a nemi haƙurinsu sun tashi daga biyar sun koma goma sha wani abu, cikinsu har da marayu.

Abu Sulaiman, Makka

Shekarunsa 44, Malam, tsakaninsu shekara biyu ce. Kuma shi ne wanda Yaya yake jin tsoro, ba don mugun hali ba, sai don haya yake biya a Jidda kuma yana da 'ya'ya shida.

Hajiya Ummu A'isha, Jidda

Ku yi mini haƙuri in sa baki, domin ni abin da kuke lissafawa a takarda a kaina ya faru. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya tara 'ya'yansa a falo shekara biyu kafin rasuwarsa, ya ce kada kowa ya taɓa ni a gidan nan, duk suka amsa da to Baba, har da mai kuka. Bayan rasuwarsa babu wanda ya ɗaga mini murya, gaskiya ɗaya ce, na zauna shekara huɗu lafiya, suna zuwa gaisuwa ranar Juma'a. Sai rusau ɗin unguwannin Jidda ya iso kanmu a 2022. Da maganar diyya ta taso, sai aka koma ga sakki da takardar magada, aka rubuta wa kowa rabonsa, ni kuma tumuni. Da na tuna musu maganar mahaifinsu, sai babbansu ya ce mini, Inna, Baba zama ya ce, kuma gidan da za a zauna babu shi. Ban iya ce masa ya yi ƙarya ba. Yanzu ina haya ne tare da ƙaramar 'yata.

Saboda haka Alhaji, ka gaya wa yayanka duk abin da zai rubuta ya rubuta har da ranar da gidan ba ya nan. Unguwannin Makka ma ba su fi ƙarfin rusau ba, kowa ya ga abin da aka yi a wuraren da ke kewaye da Harami.

Usmanu, Gadarif

Allah ya saka miki da alheri Hajiya, ya jiƙan Alhaji. To ai maganin wannan mai sauƙi ne. Tun yana raye ya tara 'ya'yan su sa hannu a takarda cewa sun yarda, a kawo shaidu biyu, a buga hatimi. Na Hajiya da baki aka yi shi, shi ya sa ya tashi a banza.

Malam Haruna, Madina

Ko da an rubuta shi da ruwan zinariya, Malam Usmanu, sa hannun da aka yi uba yana raye yana lafiya ba ya ɗaure kowa. Dalili shi ne mutum ba ya yafe abin da bai mallaka ba tukuna, kuma kowa ya san ɗa ba ya iya kallon idon mahaifinsa ya ce bai yarda ba. Malikawa sun yi sassauci a wuri ɗaya: idan magaji ya yarda a lokacin ciwon ajali, kuma ba a ƙarƙashin ciyarwar majinyacin yake ba, to yardar ta kama shi. Amma dokar nan ta ce bayan rasuwa, kuma da ita alƙali zai yi aiki. Ita kuma yarinyar mai shekara 14, idan rasuwar ta zo kafin ta kai shekarun da doka ta ɗauke ta mai hankalin kanta, babu mai yafe rabonta a madadinta, ko uwarta ko kai Abu Sulaiman da kake wasiyyi, domin waliyyi ba ya kyauta da dukiyar maraya.

Sai dai ga inda na ce lissafi zai rage tsoro. Matar da 'ya'yanta biyu sun mallaki tumuni uku na gidan, manyan uku kuma tumuni biyar. Hayar gidan gaba ɗaya 64,000 ce, kowane tumuni 8,000. Haƙƙin manyan uku a shekara 40,000 ke nan. Idan aka bar musu hayar sama dukanta, sun karɓi 32,000, saura 8,000 kacal. Wato abin da ake roƙo su yafe, ko ita ta biya su, domin ta zauna a ƙasa ita da 'ya'yanta ba tare da ta ci haƙƙin kowa ba, riyal 8,000 ne a shekara: 3,200 ga kowane namiji, 1,600 ga macen. Wannan rabon amfani tsakanin masu tarayya sananne ne a fiƙihu, muhaya'a ake ce masa, kuma ana iya rubuta shi a matsayin sulhu bayan rasuwa a kai kotu ta tabbatar. Ka ga bambanci tsakanin a ce wa mai 'ya'ya shida ya manta da rubu'in gida har abin da hali ya yi, da a ce masa ga 12,800 duk shekara daga hayar sama, ka yi haƙuri da 3,200.

Amma kada in ruɗe ka. Wannan yana warware maganar haya ne kawai. Idan ɗaya daga cikinsu ya ce shi kuɗinsa yake so dunƙule, yana da ikon neman a raba, idan gidan bai rabuwa ba tare da ɓarna ba kotu ta sa a yi gwanjonsa. A ranar nan abin da zai tsare ta shi ne ita da waɗanda suka yarda su iya sayen rabon mai son fita.

Bashir, Riyad

Malam, na karɓi gyara a kan ayar. Amma me zai hana Baban ya ba ta gidan tun yanzu, ya ce na ba ki shi iya tsawon rayuwarki? Wannan ai kyauta ce ta mai rai, ba wasiyya ba ce, hadisin bai shafe ta ba.

Malam Haruna, Madina

Yanzu ka yi tambaya mai kyau, kuma nan ne wanda ya yi karatu a Kano ko Sakkwato yake iya faɗawa rami a ƙasar nan. Abin da ka siffanta sunansa umra, ba Umrar ziyarar Ɗaki ba, kyautar da aka ɗaura da tsawon rai. A wurin Imamu Malik amfani kawai take bayarwa, idan wanda aka ba ya rasu sai gida ya koma ga mai shi ko magadansa, wato daidai abin da yayan Alhaji yake nema. Amma Hambalawa da Shafi'awa da Hanafawa sun riƙi hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim, suka ce wanda aka yi wa umra ya mallaki abin, yana raye ko ya mutu, kuma magadansa ne za su gāda. A mashhurin mazhabar Hambali ko an sa sharaɗin dawowa, kyautar ta tabbata, sharaɗin ya faɗi, ko da yake Ibnu Taimiyya yana ganin sharaɗin yana aiki. Mutum zai furta kalmar yana nufin aron zama, a wayi gari gidan gaba ɗaya ya tafi ga matar da danginta.

Idan kuma ya guje wa wannan ya ce na zaunar da ke kawai, to ya zama aro, aro kuwa a wurinsu yana ƙarewa da mutuwar mai bayarwa, wato yana mutuwa a daidai ranar da ake buƙatarsa. Ko a Malikiyyar ma akwai wani ƙulli, domin kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu kafin mutuwa ko ciwon ajali, kuma Muhtasar na Halil ya bayyana cewa mace tana iya ba mijinta gidan da suke zaune, amma miji ba ya iya ba matarsa shi yana ci gaba da zama a ciki, tunda zaunar da ita wajibinsa ne, hannunsa bai ɗauke ba ke nan.

Hajiya Ummu A'isha, Jidda

To Malam, kowace ƙofa aka taɓa sai ka ce a rufe take. Mu mata ina za mu sa kanmu? Ni na ji ana cewa waƙafi yana tsare mace, har wata maƙwabciyarmu a da tana zaune a gidan waƙafin kakanta babu mai iya motsa ta.

Malam Haruna, Madina

Ba duka ke rufe ba, Hajiya, kowace dai tana da kuɗin shiga. Waƙafi a kan iyali yana da asali, Zubairu ɗan Awwam ya tsayar da gidajensa, ya ce 'yarsa da aure ya mutu ta zauna ba ta cutar ba kuma ba a cutar da ita ba. Idan yayan Alhaji ya tsayar da gidan yanzu yana da lafiya, ya sa sharaɗin shi da matarsa su zauna muddin ransu, sannan amfanin ya koma ga zuriya, Hambalawa sun yarda mai waƙafi ya keɓe wa kansa zama, kuma da an rubuta shi a hukumance gidan ya fita daga gādo. Maganar da kika kawo ma waƙafi ya fi kowace hanya amsa ta, domin idan aka rushe gidan waƙafi ba a raba diyyar, ana sayen wani ne a madadinsa da sharuɗɗan na farko. Kuɗin shigar shi ne 'ya'yan ba za su taɓa mallakar gidan ba har abada, ba sayarwa ba jingina, shi ma kansa ba ya iya janyewa idan ya yi nadama. Wannan ba shi ne abin da ya rubuta ba, shi so yake a ƙarshe gidan ya zama nasu. Idan kuma ya jinkirta har ciwon ajali, ko ya rataya shi da mutuwarsa, hukuncin wasiyya ya hau kansa, an koma gidan jiya. Akwai ma malaman da suke ƙyamar waƙafin da aka yi don a toshe wa magada rabonsu, kuma ban ga laifinsu ba.

Ɗaya hanyar ita ce ya mallaka mata hawan ƙasa kyauta tun yanzu, a raba sakkin gida biyu idan ginin ya cika sharuɗɗan baladiyya, wato hukumar birni, a juya na ƙasa zuwa sunanta. Wannan ya fi komai ƙarfi, sai dai ku duba abin da yake yi wa lissafi. Abin gādo ya koma 800,000, ta sake ɗaukar tumuni a ciki, babban ɗa ya sauko daga 400,000 zuwa 200,000. Halal ne mutum ya yi wa matarsa kyauta yana lafiya, amma idan niyyar ita ce a rage wa 'ya'yan marigayiya, Allah yana gani, su ma kuma za su gani.

Usmanu, Gadarif

Ni har yanzu ban gamsu cewa takardar ba ta da amfani ba. A wurinmu maganar uba tana da nauyi, ɗan da ya tsallake ta ba ya iya ɗaga kai a cikin dangi. Ko kotu ba ta tilasta ba, kunya za ta tilasta.

Malam Haruna, Madina

A nan ban saɓa maka ba, kuma ban ce a yaga ta ba. Cewa na yi a sauya mata fuska, ta tashi daga umarni ta koma roƙo, tare da lissafin da zai sa roƙon ya yi sauƙin karɓa. Amma kunyar da kake magana tana aiki ne a kan 'ya'yan da suka san uban. Labarin Hajiya ya nuna tana riƙewa shekara huɗu, ban sani ba ko tana riƙewa shekara talatin, a hannun jikoki da surukai.

Abu Sulaiman, Makka

Jiya na zauna da Yaya na karanta masa abin da kuka rubuta. Maganar tumunin matar ta girgiza shi, ya ce wallahi bai lura ya cire ta daga mallaka ba, kuma ya soke wannan jimlar nan take. Waƙafi ya ce ba ya so, domin yana son yaran su iya sayarwa wata rana. Kyautar hawan ƙasa kuma ya yi shiru a kanta, na ga alamar tana masa nauyi saboda marigayiya.

Abin da muka tsayar shi ne zai sake rubuta takardar a matsayin roƙo ga 'ya'yansa, ya bayyana rabon kowa da adadinsa, ya nemi manyan uku su karɓi hayar sama su bar ƙasa, ya kuma rubuta cewa wuta da ruwa da ƙananan gyare-gyare suna kan mai zama, babban gyara kamar rufi ko bututun cikin bango kuma a kan kowa gwargwadon rabonsa. Ya ce zai fara tara wani abu a asusun matar da sunanta, kyauta a hannu, domin idan babban ya matsa sai an saye rabonsa a sami abin farawa, ko da yake ni da shi mun san 400,000 ba abin da fansho zai tara ba ne. Ya tambaye ni abu biyu da ban iya amsawa ba. Idan ta sake aure bayan takaba, roƙon yana nan ko ya faɗi? Idan kuma 'yan matan biyu suka yi aure suka fita, ya zama ita kaɗai ce a ƙasa da tumuni ɗaya, su ma za a ce su yafe nasu 8,000 ɗin kowace shekara, alhali wataƙila mazajensu suna da ra'ayi?

Hajiya Ummu A'isha, Jidda

Na biyun kada ya dame shi sosai, 'ya ba ta karɓar haya a hannun uwarta, ko mijinta ya so. Na farkon kuwa ya tambaye ta ita kanta tun yana raye, kada ya yanke mata. Shekara 46 ba tsufa ba ne. Kuma Alhaji, har yanzu ban ji inda kuka rubuta abin da za a yi idan aka shafa wa bangon jan fentin rusau ba.

Abu Sulaiman, Makka

Ba mu rubuta ba, Hajiya, domin mun rasa abin da za mu ce. Idan aka roƙe su su sayi wani gida da diyyar su zaunar da ita, an koma riƙe musu kuɗinsu dunƙule, wanda Malam ya ce babu mai tilasta su a kai. Yaya ya ce zai kira babban nasa ya zo daga Jidda ranar Alhamis su yi magana su biyu kafin a rubuta komai a wannan gaɓar, ni kuma ya ce in nemo wanda zai duba ko sakkin gidan yana rabuwa biyu.